Shinkafa Nawa Ce a Farantin? Yadda Ake Awon Abinci da Hannu da Kofi Idan Babu Sikeli

Ranar da muka dawo da Baba daga asibiti a nan Makka, bayan an tabbatar mana yana da ciwon suga, an haɗo mu da wata takarda da Larabci. A ciki an rubuta cewa abincinsa na rana kada sitacin da ke ciki ya wuce giram 60. Nashawiyyat suke ce masa, wato abin da jiki ke juyawa ya zama suga: shinkafa, gurasa, tuwo, dabino, da sukari kansa. Na tsaya a kicin da takardar a hannu, ga tukunyar kabsa, dafa-dukar shinkafa da nama ta ƙasar nan, tana turiri, ban san ta inda zan fara ba. Ba mu da sikeli. Ko da ma muna da shi, Baba ba zai ɗauke shi ya je walima a unguwar Misfala ba, inda mutum biyar ke zagaye tire ɗaya.

Abin da zan faɗa a nan shi ne hanyar da na bi har ta zauna mini. Zan fi tsayawa a kan shinkafa, domin ita ce abincin ƙasar nan, kuma a kanta aka fi yin kuskure.

Kafin komai, akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Giram 60 na sitaci ba giram 60 na shinkafa ba ne. Dafaffiyar shinkafa yawancin nauyinta ruwa ne da ta sha. Kofin awo na masana abinci, wanda ke cin mililita 240, idan aka cika shi da dafaffiyar farar shinkafa nauyinta wajen giram 160 ne, amma sitacin da ke cikinta wajen giram 45 ne kawai. Na san gidan da aka fahimci takardar a karkace, aka riƙa ba tsohuwa abin da bai fi loma uku ba alhali tana shan magani, har ta riƙa jiri da gumi kafin la'asar. Don haka ki fara tambayar wanda ya rubuta takardar: wannan lamba ta abincin ce, ko ta sitacin da ke cikinsa?

Mataki na farko: ki auna abin awon

Ana yawan cewa "kofi ɗaya". To, wane kofin? A gidanmu akwai finjalin gahawa, akwai istikan, ɗan kofin gilas na shayi, akwai kofin gilas na lemo, akwai kuma wani ƙaton mai hannu da ƙanena ke shan shayin madara da shi. Duk kofi muke ce musu, amma na ƙarshen ya ci na biyun sau huɗu. Muddin ba ki san abin da kofinki ke ci ba, duk lissafin da za ki ɗora a kansa ginin toka ne.

Ruwa ne zai fid da ke. Ki nemi wani abu mai zanen mililita a jiki. Ba sai kin saya ba: fidar jariri tana da shi, ɗan murfin da ke zuwa da maganin tari na yara yana da shi, sirinji marar allura daga famasi ma yana yi. Idan duk babu, gorar ruwan sha da ba a buɗe ba tana ɗauke da lambarta a jiki, kamar mai mililita 330 da ke ko'ina a garin nan. Sai dai gora ta fi amfani wajen manyan kwanoni, ƙananan kofuna kuwa fida ta fi.

Ki cika kofin da ruwa har baki, ki juye a fida, ki karanta a daidai idonki, ba daga sama ba. Ki maimaita sau biyu. Da na yi, istikan ɗinmu mai zanen zinare ya ci mililita 80, kuma na yi murna ƙwarai da wannan, don 80 kashi ɗaya ne cikin uku na 240. Ma'ana istikan ɗaya na dafaffiyar shinkafa giram 15 ne na sitaci, uku kuma su ne kofin awo guda. Masana abinci ma da giram 15 suke ƙirga kaso ɗaya, shi ya sa za ki ga lambobin takardunsu 30 ne, 45, ko 60. Naki istikan ɗin yana iya zama 70 ko 100, kada ki ɗauki nawa. Idan bai faɗo daidai ba, ki ɗauki kofi babba, ki zuba ruwa mililita 240 a ciki, ki yi alama a wajen kofin da jan farce a inda ruwan ya tsaya. Daga ranar ki ware shi, ya zama na awo kaɗai, kada ya koma cikin na baƙi.

Haka za ki yi wa ludayin da kike zuba abinci da shi, da cokula. Cokalin shayi na awo mililita 5 ne, na cin abinci 15. Na gida ba kasafai suke dacewa da haka ba. Sirinji zai gaya miki gaskiyarsu cikin minti ɗaya.

Sai yadda ake cikawa. Duk lambobin nan na awon da aka shafe bakinsa ne, ba mai tozo ba. Ki zuba shinkafar a sake, ki shafe da bayan cokali, kada ki danna. Shinkafar da aka danna a kofi tana iya ƙaruwa sosai ba tare da ido ya gani ba, kuma hannun mai tausayi shi ne ya fi dannawa. Ni kaina na kama hannuna yana yi, don ina ganin abin ya yi wa Baba kaɗan.

Mataki na biyu: ki auna hannun

Awo da hannu ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Mudun da ake fid da zakkar kono da shi, asalinsa cikin tafuka biyu ne na matsakaicin mutum, huɗu su ba da sa'i. Ki lura da kalmar matsakaici. Malamai sun sa ta ne domin sun san hannuwa ba ɗaya suke ba.

A asibiti za a ce miki dunƙulen hannu kofi ɗaya ne, tafin hannu ba tare da yatsu ba shi ne rabon nama, babban yatsa cokalin cin abinci ne, gaɓarsa ta sama kuma cokalin shayi. Wannan kirdado ne mai kyau, kuma yana da hikima, tunda mai babban jiki yakan yi babban hannu. Amma idan likita ya ba da lamba, sai a san dunƙulen wa ake magana.

Ga yadda za ki gane. Ki sa ƙaramin kwano mai zurfi a cikin tire, ki cika kwanon da ruwa har ya kusa zuba da kansa. Mai hannun ya dunƙule shi, babban yatsa a waje, ya nutsa a hankali har zuwa layin wuyan hannu, ya tsaya nan. Ruwan da ya malalo cikin tire shi ne girman dunƙulen. Ki juye a fida ki karanta. Nawa ya ba da wajen 220, kusan kofi ke nan. Na Baba, wanda ya yi shekaru yana aikin gini, ya ba da 340, kusan kofi da rabi. Da mun bi maganar "dunƙule ɗaya" ido rufe, da shinkafarsa kaɗai ta haura giram 60, tun ba a zo kan dabino ba.

Na ce masa, "Baba, naka hannun ba na awo ba ne. In za ka kwatanta, ka cire kashi ɗaya cikin uku."

Ya jujjuya hannun yana kallo, ya ce, "To 'yar nan, ai ni da loma nake ci, ba da dunƙule ba. Ki ƙirga mini loma."

Maganarsa ce ta buɗe mini hanyar da ta fi kowace amfani.

Mataki na uku: ƙirgar loma

Wanda ke ci da hannu a tire ɗaya da mutane ba ya ganin rabonsa a gabansa. Yana ci, shinkafar tsakiya tana gangarowa, mai gida yana turo masa ƙari, sai ya tashi bai san ko kofi biyu ya ci ko huɗu ba. Abu ɗaya ne ba ya canja masa, shi ne lomarsa.

Ki auna kofin awo ɗaya na shinkafar da aka saba ci, ki zuba a faranti shi kaɗai. Mai ci ya ci yadda ya saba, ba tare da ya ƙanƙanta loma don ana kallonsa ba, ke kuma kina ƙirgawa a zuci. Ki yi haka kwana uku, ki ɗauki tsakiya. Baba ya yi 9, ya yi 10, ya sake yin 9. Sai muka tsaya a kan tara. Giram 45 a raba tara, kowace loma giram 5 ke nan. Daga nan lissafin ya zama wanda zai iya yi ko'ina: loma uku kaso ɗaya, loma tara kofi ɗaya.

Hanyar tana da raminta. Loma tana girma idan mutum yana jin yunwa, tana kuma girma idan shinkafar tana da maiƙo ta dunƙulu da kyau, kamar ta mandi da kitsen rago ya ɗiga a kai. Ga hira kuma, wadda ke sa a manta ƙirga a loma ta biyar. Maganin da Baba ya samo shi ne, da zarar an yi bisimilla, sai ya ja abin da ya kai kashi biyu cikin uku na dunƙulensa zuwa bakin tire a gabansa, ya yi ɗan rami tsakaninsa da tulin. Daga nan yake ci, ƙirgar kuma ta zama shaida ta biyu. Idan ya gama rabon a loma shida, ya san yau lomar ta kumbura. Idan aka turo masa ƙari, sai ya miƙa hannu wajen salak da nama, ya ci gaba da ci da mutane ba tare da an ga ya tsame hannu ba. Wannan ya fi masa sauƙi a kan ya yi ta ba da haƙuri, domin a nan ma kamar a gida, ƙin cin abincin mutum ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na huɗu: lissafi daga tukunya

Lambar giram 45 ta farar shinkafa ce gama-gari. Basmati da ake kira mazza tana tashi sosai, tana warwatsewa, shinkafar saliƙ kuwa ruwa-ruwa ce da madara. Idan kina so ki san tukunyarki ke da kanki, sai ki fara daga ɗanya, domin sitacin da kika zuba a tukunya shi ne zai fito. Ruwa ba ya ƙara shi, yana raba shi ne kawai.

Kofin awo ɗaya na ɗanyar shinkafa wajen giram 185 ne, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar na wannan nauyin sitaci ne, wato wajen giram 145. Ga kabsarmu ta ranar Juma'a. Na zuba ɗanya kofi huɗu: 145 sau huɗu, 580. Da ta dahu, na cire kajin gefe, na kwashe shinkafar zuwa tire da kofin awo ina ƙirgawa, har da ta ƙasan tukunya. Ta ba da kofi 13. Idan aka raba 580 gida 13, kowane kofi ya tashi da wajen giram 45. Ya dace da na littafi, hankalina ya kwanta. Da ta ba da kofi 11 ne, da kowane kofi ya haura 50, sai in rage wa Baba kaɗan. Ba kullum za ki yi wannan ba. Sau ɗaya ya isa ga kowace irin shinkafa, sai ranar da aka sayo wani buhun daban.

Albasa, tumatir da karas suna ƙara ɗan abu, ba mai tayar da hankali ba. Wanda ke ɓuya shi ne zabibi da ake barbaɗawa a sama: cokali biyu na cin abinci kaso ɗaya ne cur, daidai da istikan na shinkafa. Ina zuba shi a gefe ɗaya na tire yanzu, in ba Baba ɗaya gefen.

Wannan lissafin ne ya nuna mini wani abin da ban nema ba, wato mai. Mai ba sitaci ba ne, amma likita ya ce Baba ya rage ƙiba. Na saba zubawa daga galan kai tsaye har ƙasan tukunya ya rufe. Ranar nan na zuba yadda na saba, sannan na juye a fida kafin in kunna wuta: mililita 120, wato cokali takwas. Kowane cokali na mai kalori 120 ne, jimla 960. A raba 13, kowane kofi ya ɗauki ƙarin kalori wajen 75 a kan 200 na shinkafar kanta, ban da kitsen kaza. Na koma cokali huɗu, ina ƙirgawa da cokali a kan tukunya. Babu wanda ya lura a gidan sai da na faɗa.

Tuwo kuma, wanda ba ma rabuwa da shi ko a Makka, da wannan hanyar kaɗai ake kama shi, don malmala ba ta da girma ɗaya kuma a matse take. Idan kofi ɗaya na ɗanyar shinkafa ya ba ki malmala uku, kowace tana ɗauke da wajen giram 48. Idan biyu ya ba ki, kowace ta haura 70, ita kaɗai ta wuce giram 60 na abincin rana. Ki riƙa kwashewa da mara ɗaya ko ludayi ɗaya domin malmalar su zo kai ɗaya, ki ƙirga, ki raba. Na garin semo ko masara, ki duba bayan leda inda aka rubuta sitacin da ke cikin giram 100, ki ƙirga kofi nawa ke fita daga leda mai kilo ɗaya, sai ki san nauyin kofinki na wannan garin.

Yadda farantin ya kasance

Giram 60 kaso huɗu ne. Uku na ba shinkafa: istikan uku, ko loma tara. Na huɗun Baba ya ce a bar masa dabino, kuma ƙanana guda uku kaso ɗaya ne. A kula, ƙanana na ce. Majdul babba guda ɗaya tak ya kai kaso, har ya ɗan haura. Nama kuwa, faɗin tafinsa ba yatsu, kauri kamar ƙaramin yatsa, wanda ga matsakaicin hannu wajen giram 85 ne na dafaffe. Sauran farantin salak ne da ganye, kokwamba, jarjir, tumatir, ko miyar kuɓewa ko mulukiya, cikin tafuka biyu ko fiye. Rabin faranti ya zama ganye, in ba haka ba ido zai ga shinkafar ta yi kaɗan, zuciya ta ƙi yarda.

Abincin waje yana da nasa awon, nafar, wato rabon mutum ɗaya. Mun sayo nafar ɗaya na shinkafar bukhari wata rana, na juye na auna, ya ba da kofi huɗu. Wannan sitacin abinci uku ne na Baba a leda ɗaya da aka rubuta wa mutum ɗaya. Tun daga 2019 doka ta sa gidajen abinci a Saudiyya su rubuta kalori a jikin jerin abincinsu, to ki riƙa dubawa, amma kalori ba ya gaya miki sitaci. Ki auna nafar na gidan abincin da kuka saba sau ɗaya, ki riƙe lambar.

Shayi kuwa shi ne ƙofar da ɓarawo ke shigowa. Cokalin shayi na sukari a shafe giram 4 ne, mai tozo yana kusan ninkawa. Istikan shida a yini, kowane da cokali biyu masu tozo, ya haura sitacin kofi ɗaya da rabi na shinkafa. Mun yi wata guda muna fama da shinkafa kafin na waiwayi butar shayi.

Yadda za ki san ko awon yana tafiya daidai

Ido yana zamewa. Bayan makonni za ki daina ɗauko kofi, ki koma zubawa da ludayi, kuma rabon zai riƙa girma kaɗan-kaɗan. Duk ranar Juma'a ina zuba wa Baba da ido, sannan kafin in kai masa in kwashe cikin istikan in gani. Idan na sami uku da rabi, sai in koma kofi har mako ya zagayo. Canjin faranti ma yana ruɗarwa, abu ɗaya yakan yi kamar kaɗan a babban faranti, don haka nasa guda ɗaya ne ba a sauyawa.

Shaida ta gaske kuwa na'urar gwajin suga ce. A gwada kafin ci, a sake bayan awa biyu daga fara cin, a rubuta tare da abin da aka ci. Ga manya da yawa ana so na bayan ci ya kasance ƙasa da 180 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, amma likitan kowa shi ke yanke masa nasa. Idan kwana uku a jere abinci iri ɗaya yana ba da lamba mai yawa, ki koma ki duba tozo, dannawa, zabibi da shayi, sannan ki kai wa likita takardar. Idan kuma rawar jiki, gumi mai sanyi da yunwa mai tsanani suka zo, ko na'urar ta nuna ƙasa da 70, a ba mai ciwon sukari cokalin cin abinci ɗaya a ruwa ko rabin kofin lemo mai zaƙi nan take, a sake gwadawa bayan minti 15, kuma a sanar da likita, domin wataƙila abincin ya ragu amma maganin bai ragu ba. Kada kowa ya taɓa yawan maganinsa da kansa saboda lissafin kofi.

Wanda ke yin allurar insulin gwargwadon abin da zai ci, da mai ciwon ƙoda da aka ƙayyade wa nama, da ƙaramin yaro mai ciwon suga, waɗannan kirdado ba ya isar musu a gida. Su nemi sikeli, ba shi da tsada. Amma ko su, ranar da suka sami sikelin, su ɗora istikan ɗinsu da lomarsu a kai su rubuta nauyin, domin ranar walima.

Makon jiya aka yi sunan jikan maƙwabcinmu, aka yanka rago, aka fito da mandi. Da Baba ya dawo na tambaye shi yadda aka ƙare. Ya ce loma goma ya yi, ta goma ɗin mai gida ne ya dunƙula da hannunsa ya miƙo masa, shi ya sa da aka zagayo da gahawa dabino biyu ya ɗauka.